Ranar da Surukina Ya Kira Sale Bakanike

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ranar da na tsaya a gefen hanyar Yola (Yolarmu ta nan Karaye, ba waccan mai nisa ba) cikin babbar rigata ta zuwa ɗaurin aure, ina roƙon Allah a zuci Ya sa sabis ya ɗauke. Ni da kullum nake mitar rashin sabis a wannan hanya. A ranar kuwa sai ya kawo tangaran, kamar an kafa ƙarfen a kan kafaɗata.

Bari in faro daga tushe, don kada ku yanke mini hukunci tun kafin ku ji. Ko da yake in kun ji ɗin ma za ku yanke.

Ina da shago a bakin kasuwar Karaye, ina sayar da iri da taki da maganin feshi. Matata ta farko Zulai ce, 'yar Rogo. Mun haifi 'ya guda, Ummi. Kafin yarinyar ta shekara hannuwanta da ƙafafunta suka riƙa kumbura, ta yi ta kuka ba a san dalili ba. Da aka kai ta asibiti aka ce sikila ce. Aka gwada mu, ashe ni da Zulai duk muna ɗauke da ƙwayar, kuma lokacin aurenmu babu wanda ya yi mana maganar gwaji. Likita ya yi mana bayani cewa duk cikin da za ta samu akwai yiwuwar a sake haka. Muka yi ta jan ƙafa, muna kallon yadda Ummi take shan wahala, daga ƙarshe muka ga ba za mu iya sake jefa wani yaron cikin wannan hali ba. Muka rabu. Ba zagi, ba duka, ba kai ƙara. Ranar da ta tafi ni na ɗora mata kayanta a mota. Ta koma gidan mahaifiyarta a Rogo tare da Ummi.

Ku riƙe wannan, don shi ne tushen komai: ba faɗa ne ya raba mu ba.

Bayan wasu shekaru na auri Habiba, autar wani dattijo mai fataucin shanu a Ruwan Bago. Wannan karon sai da muka yi gwaji kafin ma a kai gaisuwa. Habiba ta san labarin Zulai tun daga farko har ƙarshe, ni na ba ta da bakina. Ta kuma san ina kiran Rogo, don yaro mai sikila ba a cewa sai Sallah za a ji labarinsa. Sanyi ya taɓa ta, ciwo ya tashi. Zazzaɓi ya kama ta, ciwo ya tashi. Ta yi wasa a rana ba ta sha ruwa ba, ciwo ya tashi. Ga maganin da take sha kullum, ga ranakun komawa asibiti. Dole mu yi magana da uwarta.

Matsalar ita ce maganar ba ta tsaya a nan ba. Zan kira in ji jikin Ummi, a gama wannan cikin ɗan lokaci, sai hira ta ɓarke. In ba ta labarin manomin da ya zo ya ce maganin feshina ya ƙara wa ciyawa ƙiba, ita kuma ta ba ni na matan da take yi wa ɗinki. Zulai ta san ni tun ina saurayi mai siririn wuya, ta san abin da yake ba ni dariya. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Kuma ban san ya aka yi ba, duk lokacin da ta kira sai in ga ƙafata ta kai ni zaure.

Wata rana da yamma na dawo daga zauren ina sauran murmushi, na tarar da Habiba tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, jikin Ummin ne ya yi sauƙi haka har kake dariya?"

Na ce, "Lafiyarta ƙalau."

"To alhamdu lillahi." Ta jefar da wata tsakuwa. "Ni dai raina ba ya kwanciya da wannan wayar. Ban ce kana wani abu ba. Amma ba ya kwanciya."

A nan ne ya kamata in jawo kujera in zauna in ce, faɗa mini, wane ɓangaren ne yake damun ki? Maimakon haka sai na gyara tsayuwa na buɗe makaranta. Na yi mata wa'azi a kan illar zargi. Na tuna mata cewa Zulai uwar 'yata ce. Na ce ban taɓa zaton mace mai ilimi kamarta za ta tsaya kishi da matar da aka rabu da ita tuntuni ba. (Har da nuna ta da yatsa, Allah Ya yafe mini.) Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Shi ke nan, ka yi haƙuri," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na fita ina jin na yi nasara. Amma daga ranar, duk sanda wayar ta yi ƙara sunan Zulai ya fito, sai in ga fuskar Habiba ta rufe kamar an ja labule. Ba ta magana, abinci ma ba ta fasa ba, amma gidan sai ya yi sanyi.

To a nan basirata ta motsa. Na ce a raina, tunda sunan ne yake ɓata mata rai, ai sai a cire sunan. Na zauna a shago na goge "Zulai" na rubuta "Sale Bakanike". Na kuma ce wa Zulai ta fi samuna da rana a shago, ban faɗa mata dalili ba. Na gaya wa kaina cewa don zaman lafiya na yi, har ina ganin na kyauta wa kowa.

Sai dai mutumin da babur kawai yake da shi, me zai sa bakanike ya yi ta kiransa? Da Habiba ta tambaya, na ce wata mota ce ta hannu yake nema mini. Daga nan Sale ya fara girma. Na yi masa gareji a Rogo. Na ce babu injin da yake gagararsa, daga Kano ma ana kiransa. Wata rana da aka kira ni muna cin abinci na tashi da sauri, na dawo na ce ɗan Sale ne ba lafiya. Habiba ta ce, "Ayya, Allah Ya ba shi lafiya, ka gaishe shi." Tuwon nan da ƙyar ya wuce.

Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari, ana ɗaurin auren ɗan baffan Habiba a Yola. Surukina, wanda muke kira Baba, ya biyo ta Karaye da tsohuwar motarsa ya ce mu tafi tare. Na so in zame in bi su a babur, don ni da Baba gaisuwa ce kawai take haɗa mu, ita ma ina durƙushe ina kallon ƙasa. Amma an kwana ana ruwa, ya ce ba zai bar ni in ɓata riga a taɓo ba. Na shiga gaba na takure kamar an ba ni ajiyar kaina. A baya ga Inna, mahaifiyar Habiba, ga Habiba, ga wata goggonta.

Mun yi nisa, masara ta rufe hanya hagu da dama, sai muka faɗa wani kududdufi. Motar ta fita daga ruwan, ta yi tari, ta mutu. Baba ya murɗa makulli ya murɗa, shiru. Muka fito, na buɗe gaban motar na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake kallo. Ana haka wata bas ta 'yan uwansu da ke bayanmu ta tsaya, maza suka firfito da manyan riguna, kowa yana ba da shawara.

Sai na ji muryar Habiba daga cikin mota, cike da jin daɗin za ta fitar da mijinta kunya. "Baba, ai Malam yana da bakanike. Sale. Babu motar da take gagararsa, kullum suna waya."

Baba ya juyo. "To madalla. Malam, kira mana shi, ko ta waya ya faɗa mana abin da za mu taɓa."

Na ce, "Baba, ina jin yau ba ya nan. Ya tafi Kano."

"Waya ba ta zuwa Kano ne?"

Na laluba aljihu, na fito da wayar, na duba ta kamar baƙuwa. "Kuma ga shi ba ni da kati."

"Ni ina da shi. Kawo in gani."

Ku da kuka san kunyar suruki, ku faɗa mini yadda ake ce wa irin wannan dattijo a'a a gaban ƙannensa. Da na samu lambar wani na ba shi, da na tsira, amma ƙwaƙwalwata ta riga ta mutu tare da motar. Ya karɓi wayar da hannunsa, ya nisanta ta da idonsa, ya nemo Sale Bakanike, yana karanta lambar da ƙarfi yana dannawa a tasa. Kuma Baba kunnensa ya ɗan yi nauyi, duk wayar da zai yi sai ya buɗe lasifika.

Ta yi ƙara. Na ce ya Allah kada ta ɗauka, ai baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Baba ya amsa sallama ya ce, "Baiwar Allah, maigidan yana kusa? Sale muke nema."

"Wane Sale?"

"Sale bakanike, na Rogo."

"Rogo dai nan ne, amma babu Sale a gidan nan. Ina jin kuskuren lamba ne, Baba."

Da ya tsaya a nan, da har yau ina da sauran mutunci. Amma Baba mutum ne da ba ya barin ciniki a tsakiya. Ya ce, "A'a, surukina ne ya ba ni, mai shagon taki na Karaye, ga shi nan tsaye."

Sai ta ce, "Au, Baban Ummi? Ai ni ce Zulai, uwar Ummi. Lafiya dai ko?"

Babu wanda bai san wannan suna ba a wurin. Wani ƙanen Baba da ya sunkuya a kan inji ya miƙe a hankali. Goggo ta leƙo ta taga. Ni kuwa na kafa wa wani tsiron masara ido kamar zan saye shi.

Abin da Baba ya yi shi ya fi kashe ni. Bai kashe wayar ba. Ya gyara murya ya shiga gaisuwa. Ina wuni. Ya gida. Ya mahaifiyarki. Ya jikin yarinyar. Ya damina, ruwa ya sauka a wajenku. Zulai tana amsawa cikin ladabi, ba ta san me ake ciki ba. Sai da ya kai gaisuwar nan ƙarshenta sannan ya ce, "To, 'yata, ke dai ba kya gyaran mota ko?"

"Mota kuma? A'a, Baba, ɗinki nake yi."

"To Allah Ya yi albarka. A gaida gida."

Ya miƙo mini wayata da hannu biyu, bai kalle ni ba. Inna ta ce masa wani abu da Fulatanci, ya amsa da kalma ɗaya. Ba na jin Fulatanci, amma ranar na fahimta. Na saci kallon Habiba. Ba ta kuka. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, tana kallon tafin hannunta.

Motar ma ashe ruwa ne ya shiga filogi. Direban bas ya goge da tsumma, aka jira kaɗan, ta tashi. Na halarci ɗaurin auren, an ce an raba goro da alawa, ni ban ga komai ba. Da za mu rabu da yamma na durƙusa zan yi wa Baba sallama, sai ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Malam, kiran uwar 'yarka ba abin kunya ba ne. Kai ka mayar da shi." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har yau.

Na zaci Habiba za ta bi su Ruwan Bago. Ba ta bi ba. Ta dawo gida ta ci gaba da komai, sai dai magana ta koma "ga abinci" da "a dawo lafiya". Na yi kwanaki ina shirya jawabi. Wata safiya na kasa fita shago, na same ta a tsakar gida tana wanki, na ajiye wayar a kan turmi na ce, "Ga ta nan, ki karanta duk saƙonnin. Wallahi babu abin da ya saɓa wa Allah a ciki."

Ta goge hannu ta ɗauka. Ta daɗe tana karantawa. Ina tsaye ina jiran a wanke ni.

Ta ajiye ta ce, "Na gani. Babu batsa, babu maganar so. Dama ban zaci akwai ba."

"To kin gani."

"Na ga ranar da aka ba ka kwangilar kai taki ƙungiyar manoma. Ita ka fara gaya wa. Ni sai da daddare na ji, kuma a taƙaice. Na ga ranar da kuka samu saɓani da yayanka, ka rubuta mata kusan shafi guda. Ni da na tambaye ka me ya same ka, cewa ka yi gajiya ce."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Bari in gama, Malam, don wancan karon ba ka bari ba. Da faɗa ne ya raba ku, da ban damu ba. Amma kuna son juna aka raba ku. Kullum ina tunanin da jininku ya dace, da ba ka san ma ina duniya ba. In ka tafi zaure kana dariyar da ba ka yi da ni, me kake so in ji? Na faɗa maka, ka ce kishi ne."

Ta ɗauki wata riga ta matse, sannan ta ce, "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Da na daina ganin sunanta, na zaci saboda ni ka daina kira. Na riƙa jin nauyi, ina cewa na raba uba da 'yarsa marar lafiya. Har na yi niyyar in ce ka ci gaba da kira. Ashe ina can ina yi wa ɗan Sale addu'a."

Wannan ya fi na gefen hanya zafi, ko da yake babu 'yan kallo. Ban kare kaina ba, don babu abin karewa. Na ce na yi ƙarya, kuma na yi ta ne don in huta, ba don ita ba. Na ba ta haƙuri. Sannan, da yake ni mutum ne da ba ya tsayawa a tsakiya, na ɗauki wayar na ce, "Yanzu a gabanki zan toshe lambar. Na gama da ita."

Ta ce, "Ajiye. In ciwon Ummi ya tashi aka neme ka ba a samu ba, wa za a ce ya jawo? Kai kanka wata rana sai ka ce ni ce. Ban ce ka yanke ba."

"To me kike so in yi?"

Ta dube ni. "Ka ga wannan tambayar? Ita nake jira tun ranar nan."

Na kife bokiti na zauna a kai. Muka yi magana har rana ta take, wankin ya bushe a cikin baho. Ba a tashi ɗaya muka daidaita ba. Sunan Zulai ya koma wurinsa, wannan ba gardama. In ta kira ina gida, a inda nake zan ɗauka, ba zaure. Magana ta tsaya a kan Ummi: jikinta, maganinta, makarantarta, da gaisuwar mutunci. Labarin shagona da damuwata, na daɗi da marar daɗi, gida za su fara zuwa. In zan je Rogo duba yarinyar, ta sani tun kafin ranar, in tana so mu tafi tare. Ta so a ce babu kira bayan magariba sam. Na ce ciwon nan ba shi da lokaci, ta yarda cewa in rashin lafiya ne ko yaushe ne a kira. Ni ma na roƙi nawa. Na ce ba zan sa wa wayata makulli ba, amma ba na so mu koma gidan da ake bincike a ɓoye. Kuma in ranta ya sake ɓaci ta faɗa da baki, kada ta ja labulen nan. Ta ce za ta faɗa, in na yi alkawarin ba zan sake buɗe makaranta ba.

Sauran aiki shi ne gaya wa Zulai. Raina ya so in ce mata, "Kin san halin mata, Habiba ce ba ta so." Da na faɗi haka da na huta, amma da na haɗa su gaba har abada, kuma da na sake yin wata ƙaryar. Na kira Zulai, Habiba tana zaune a gefe, na faɗa mata abin da na yi da sunanta.

Ta ce, "Baban Ummi, ni ka mayar bakanike? Ka san abin da ka jawo mini? Duk wanda ya ji an ɓoye sunan mace, me zai zata?"

Wallahi ban taɓa duba ta nan ba. Na ba ta haƙuri ita ma. (A makon nan na ba da haƙurin da ban bayar ba tun da aka haife ni.) Na ce daga yau hirarmu ta Ummi ce, kuma ni na ga ya dace, ba wani ya sa ni ba. Ta ce ita ma ta san hirar ta yi yawa, sabo ne, kuma akwai wanda yake neman aurenta da ya fara tambaya. Sai ta ce, "Ba ni Habiba." Suka gaisa a taƙaice, kowa tana taka-tsantsan, suka karɓi lambar juna.

Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya zama zuma. Makonnin farko, in wani abin dariya ya faru a shago, hannuna da kansa yake neman lambar Rogo. Sai in mayar da wayar aljihu in riƙe labarin har gida. Ashe Habiba ma tana da dariya, ni ne ban taɓa kawo mata kayan ba. Ita ma akwai ranar da na gama waya ta ce, "Yau na ji wani iri." Na ji wa'azi ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi, na ce, "Wane wurin?" Ta faɗa, ashe wani tsohon suna ne na tsokana da na kira Zulai da shi ban sani ba. Na daina. Ba a yi minti biyar ana maganar ba.

Wajen kaka na tafi wani ƙauye duba gonar wani abokin ciniki da tsutsa ta kama, can inda waya ba ta shiga. Ciwon Ummi ya tashi da hantsi. Zulai ta neme ni ta rasa, sai ta kira Habiba. Da na fito hanya saƙonni suka shigo, na juya babur sai Rogo, gabana yana faɗuwa biyu: ɗaya don yarinyar, ɗaya don matan nan biyu a ɗaki guda ba ni.

Na tarar an sa wa Ummi ruwa, an yi mata allurar rage zafi, ta samu barci. Habiba ta hau motar haya ta zo da kunu a fulas da bargo, tana zaune a bakin gado tana matsa wa yarinyar ƙafa a hankali. Zulai tana kan tabarma. Na tsaya a bakin ƙofa ba su gan ni ba, sai na ji Zulai tana cewa, "Har yanzu in ya yi laifi sai ya fara share maƙogwaro kafin ya yi magana?"

Habiba ta ce, "Har yanzu. Kuma sai ya tambayi abin da ya riga ya sani."

Na share maƙogwaro na ce, "Salamu alaikum. An kawo ta asibiti ne?"

Suka dubi juna. Habiba ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Zulai ta juya tana kallon bango.

Ba ƙawaye suka zama ba, kuma ban nema ba. Zulai ta yi aurenta, mijin mutumin kirki ne, mukan gaisa. Ummi takan zo mana hutu, Habiba ta fi ni sanin lokacin maganinta. Darasin da na samu kuwa shi ne, in matarka ta ce ranta bai kwanta ba, ba hujja take nema ba, kuma ba dabara ba. Ka nemi wuri ka zauna, ka tambaye ta ina ne yake ciwo, ka yi shiru har ta gama. Na ɓata watanni ina tsoron ranar da matan nan za su haɗu su yi faɗa a kaina. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin tsoron shi ne su haɗu bakinsu ya zo ɗaya ba.